Na jinkirta kai ƙanena asibiti ya rasu: ƙaddara ce ko laifina?

Allah ya gafarta Malam,

Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a fannin aƙida. Ƙanena ɗan shekara tara ya kwanta da zazzaɓi ran Litinin, lokacin mahaifinmu ya yi tafiya, ya turo mini kuɗi ya ce in kai shi asibiti. Ina da jarrabawa ran Laraba, sai na saya masa magani a kemis na ce in na fito zan kai shi. Daren Laraba jijjiga ta kama shi, muka garzaya da shi, asubar Alhamis ya cika. Duk mai zuwa gaisuwa cewa yake kwana ne ya ƙare. Ni kuwa na karanta hujjar malamin aƙida Fakhruddin Razi a kan jabru, wato cewa mutum tilastacce ne a kan ayyukansa, kuma ban ga yadda za a warware ta ba. Idan ta tabbata, ba ni da laifi, amma sai in ga tubana ma ba ta da ma'ana. Idan kuma ina da zaɓi na gaske, to ni na kashe shi. Ba na iya kallon idon mahaifiyarmu. Da na kai shi ran Litinin, da yana raye? Kada a ce mini in yi haƙuri kawai, na ji wannan. Hujja nake so.

Ɗalibinka daga Zariya

Ɗana, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sa mai ceto ne, ya sanyaya zuciyar iyayenku.

Hujja ka nema, ita za mu bi. Amma tun farko ka lura cewa ka ɗaure abu biyu da igiya ɗaya. Na ɗaya shi ne jinkirin da ka yi daga Litinin zuwa Laraba. Na biyu shi ne rasuwar yaron a asubar Alhamis. Malaman kalam, wato masu bahasin aƙida da hujjojin hankali, ba a babi ɗaya suke saka waɗannan biyun ba. Na farko suna tattauna shi a babin ayyukan bayi, na biyu a babin ajali. Duk wahalar da kake sha ta samo asali daga neman hukunci guda da zai hau kansu duka: ko dai duka ƙaddara ce ka wanke, ko duka aikinka ne ka halaka. Za mu raba su.

Mu fara da Razi, tunda shi ya hana ka barci. Ya rasu a shekara ta 606 bayan Hijira, kuma hujjarsa ta fi ta Jahmu ɗan Safwan ƙarfi nesa ba kusa ba. Jahmu, wanda aka kashe a 128, cewa kawai ya yi ana jingina wa mutum aiki kamar yadda ake cewa rana ta fito ko ruwa ya gudana. Wannan kowa yana iya rushe shi da abin da yake ji a jikinsa. Razi bai musa cewa kana da nufi ba. Tambayarsa ita ce, daga ina nufin ya zo? Ga yadda take a kan lamarinka. Ran Litinin kana da ikon kai yaron, kana da ikon bari. Ikon nan bai karkata ga ɗayan biyun ba, daidai yake da su. To me ya rinjayar da bari? Idan ka ce babu abin da ya rinjayar, ya faru ne haka nan, to ka mayar da aikinka katari, kuma ka toshe hanyar da ake bi a kafa hujjar samuwar Mahalicci, domin ita ma a kan cewa mai yiwuwa ba ya aukuwa sai da mai rinjayarwa aka gina ta. Idan ka ce akwai mai rinjayarwa, wato tsoron faɗuwa jarrabawa da zaton cewa zazzaɓin na yau da kullum ne, sai ya ce wa ya sa wannan a zuciyarka? In kai ne, da wane nufi ka sa shi? Sai nufin ya buƙaci wani nufin, haka har ba iyaka, wanda kuma korarre ne. Dole a tsaya a wani abu da Allah ya halitta a zuciyarka, wanda in ya zo aikin ya wajaba. Daga nan ya fitar da maganarsa da ta shahara, cewa mutum tilastacce ne a cikin surar mai zaɓi.

Ba zan ce maka hujjar banza ce ba. Manyan malamai sun yi gumi a kanta. Amma akwai wurare da take ɗingishi, kuma ɗalibi a matakinka ya kamata ya san su.

Wuri na farko: hujjar tana yanka fiye da abin da mai ita yake so ta yanka. Ka ɗora ta a kan aikin Allah kansa. Ya halicci duniya a lokacin da ya halicce ta, alhali ƙudurarsa daidai take ga wannan lokacin da waninsa. Me ya rinjayar? Ash'arawa, mazhabar Razi, amsarsu ita ce irada siffa ce da aikinta ke nan, ta keɓance ɗaya daga cikin abu biyu madaidaita ba tare da buƙatar wani mai rinjayarwa daga waje ba. Gazali, wanda ya rasu a 505, da yake mayar wa masana falsafa martani ya kawo misalin mutumin da aka ajiye wa dabino biyu iri ɗaya, ba zai iya ɗaukar duka ba: ba zai tsaya yana kallonsu har abada ba, zai ɗauki ɗaya. To in an yarda cewa nufi yana rinjayarwa da kansa, ƙa'idar farko ta Razi ba ta zama dole a ko'ina ba. Masu kare shi za su ce iradar Allah daɗaɗɗiya ce, ba ta buƙatar sababi, ta bawa kuwa fararriya ce, dole a nemo wanda ya farar da ita. Wannan amsa ce mai nauyi, kuma a nan ne Maturidawa, wata mazhabar aƙida ta Ahlus Sunna, suka shigo da tasu hanyar: Sadrus Shari'a, wanda ya rasu a 747, da Ibnul Humam, wanda ya rasu a 861, sun bar wa bawa karkatar da nufinsa da ƙulla azama, suka ce Allah yana halittar aikin a bayan wannan azamar. Ko ka gamsu da su ko ba ka gamsu ba, ka dai ga ƙofar ba a rufe take ba kamar yadda ka zata.

Wuri na biyu ya fi muhimmanci a wajena. Mu sallama wa Razi komai. Mu ce da zarar nufi ya cika kuma iko yana nan, aikin ya wajaba. Shin wannan ya mayar da kai tilastacce? Taftazani, wanda ya rasu a 792, ya amsa a sharhinsa na aƙidar Nasafi da jimla ɗaya: wajabcin da ya zo ta hanyar zaɓi tabbatar da zaɓin yake yi, ba kore shi ba. Abin da Allah ya sani kuma ya nufa a azal ba kawai "wane ba zai kai ƙanensa asibiti ran Litinin ba" ne. Abin da ya sani shi ne "wane zai auna jarrabawa da zazzaɓi, ya fifita jarrabawa da zaɓinsa". Zaɓin yana cikin abin da aka ƙaddara. In ka cire shi, ka canza abin da aka sani, ilimin ya zama jahilci, Allah ya tsarkaka daga haka. Saboda haka rubutun Lauhul Mahfuzi shaida ne a kan cewa ka zaɓa.

Wannan ne ma ya sa Abul Hasan Ash'ari, wanda ya rasu a 324, bai bi Jahmu ba duk da ya ce Allah ne mahaliccin ayyukan bayi. Ya ce kowa ya san bambanci tsakanin hannun da ke karkarwa saboda ciwo da hannun da mai shi ya ɗaga da gangan. Dukansu halittar Allah ne, amma na biyu yana tare da wani iko da aka halitta wa bawa, kuma wannan haɗuwar ita ake kira kasbu. An daɗe ana yi wa kasbun Ash'ari ba'a cewa siririnsa ya kai ba a iya ganinsa, har mabiyansa suka yi ta ƙoƙarin ƙara masa kauri. Baƙillani ya ce ikon bawa ba ya samar da motsin, amma shi yake mayar da shi ɗa'a ko saɓo, kamar marin maraya don ladabtarwa da marinsa don zalunci: motsin hannu ɗaya ne, hukuncin biyu. Juwaini a ƙarshen rayuwarsa ya kai ga cewa ikon bawa yana da tasiri a aikin da izinin Allah. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya ce bawa shi ne mai aikinsa a haƙiƙa, da nufinsa da ikonsa, Allah kuma shi ya halicce shi da nufin da ikon. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Ummul Barahin ta Sanusi da Jauhara ta Laƙƙani, suna kan maganar Ash'ari ta asali, wato kasbu ba tare da tasiri ba. Ka duba duk waɗannan. Sun saɓa a kan yadda za a siffanta abin, amma babu ko ɗaya da ya ce mai jinkiri kamar mai karkarwa yake. Kai ma ka sani. Ran Litinin ba ɗaure ka aka yi ba, ba suma ka yi ba. Ka yi lissafi.

Wuri na uku gajere ne. Ka ce in hujjar ta tabbata tubarka ba ta da ma'ana. Ai in jabru ya haɗiye jinkirin, ya haɗiye nadamar ma, da wasiƙar da ka rubuto, da zargin da kake wa kanka. Hujjar da ta hau kan komai daidai ba ta iya ce maka yi wannan bar wancan. Shi kansa Razi bai yar da taklifi ba, wato ɗora wa bawa umarni da hani, ya rubuta usulul fiƙhi, kuma a tafsirinsa, wajen aya ta 7 a Baƙara, ya kawo maganar cewa tabbatar da Allah yana tura mutum zuwa jabru, tabbatar da Manzo kuma yana tura shi zuwa cewa bawa yana da iko. Mutumin da ya ga nauyin ɓangarorin biyu haka bai ba ka lasin ka ɗauki rabi ka jefar da rabi ba.

Alƙur'ani kuma ya riga ya yi hukunci a kan kafa hujja da ƙaddara don wanke aiki. A Suratul An'am aya ta 148 masu shirka sun ce da Allah ya so da ba su yi shirka ba. Maganar a kan kanta gaskiya ce, aya ta 107 a surar ta faɗi haka. Amma an ƙaryata su, aka tambaye su ko suna da wani ilimi da za su fito da shi. Dalili shi ne babu wanda ya san abin da aka rubuta masa kafin ya aikata. Ran Litinin ba Lauhul Mahfuzi ka buɗe ka ga an rubuta "jinkirta" sannan ka bi ba. Abin da ke gabanka umarnin mahaifinka ne da yaro mai zafin jiki.

To wannan rabin ba zan sassauta maka shi ba: jinkirin naka ne. An ba ka amana da kuɗi da umarni bayyananne, ka fifita wani abu. Girman laifin yana bin abin da ka sani a lokacin. Ba ka nufi cutar da shi ba, ba ka yi watsi da shi ba tunda ka nemo magani, kuma zaton da ka yi zato ne da iyaye da yawa suke yi kullum su wuce lafiya. Sakaci ne, ba ganganci ba. Amma sakaci ma ana tuba daga gare shi, kuma tubar tana da cikakkiyar ma'ana.

Yanzu rabi na biyu, wanda nake ganin shi ne ainihin abin da ke cinka: da ka kai shi, da yana raye?

Wannan tambayar tsohuwa ce, kuma malamai sun yi ta a kan abin da ya fi naka tsanani, wato wanda aka kashe da gangan. Suka ce, da ba a kashe shi ba, me zai faru? Amsa uku aka samu. Da yawa daga Mu'utazilawa, masu cewa bawa ne ke samar da aikinsa da kansa, suka ce tabbas da ya rayu, makashin ya yanke masa ajali, har Ka'abi ya ce wanda aka kashe ajali biyu gare shi, na kisa da na mutuwa. Abul Huzail Allaf, shi ma Mu'utazile ne, ya ce a'a, tabbas da ya mutu a wannan lokacin ko da ba a taɓa shi ba. Ahlus Sunna suka ce wanda aka kashe da ajalinsa ya mutu, ajali ɗaya ne ba ya gaba ba ya baya, amma tambayar "da ba a kashe shi ba" ba a yanke mata hukunci ta kowane ɓangare: zai yiwu ya mutu a lokacin da wani sababi, zai yiwu ya rayu.

Ka tsaya a kan wannan amsa ta uku, domin mutane da yawa suna zaton amsar Abul Huzail ita ce ta Ahlus Sunna. Masu zuwa muku gaisuwa da suke cewa ko an kai shi asibiti da ya rasu, da kyakkyawar niyya suke faɗi, amma sun faɗi abin da ba su da iliminsa. Kai kuma da kake cewa da ka kai shi da ya rayu, ka ɗauki maganar ɗaya ɓangaren, kuma kai ma ba ka da iliminsa. Me ya sa ba a yankewa? Saboda Allah ya ƙaddara sakamako tare da sababinsa, ba a ware ba. Abin da ya sani shi ne yaron zai rasu asubar Alhamis ta wannan hanyar. In ka ce "a ɗauka an kai shi Litinin", ka ƙaddara wata duniya dabam da wadda aka rubuta, kuma yadda wannan duniyar za ta kasance yana cikin ilimin Allah, wanda ya san abin da bai kasance ba da zai kasance yaya zai kasance, amma ba ya cikin naka. Likita zai iya ce maka yaran da aka gwada jininsu aka fara musu magani da wuri sun fi tsira, kuma gaskiya ne, shi ya sa jinkirin ya zama kuskure. Amma wannan magana ce a kan galibi. Ana kai yaro a ranar farko ya rasu, ana kai wani a rana ta huɗu ya tashi. A kan wannan yaron shi kaɗai, babu likitan da zai rantse maka.

Alƙur'ani ya yi magana a kan wannan "da" ɗin kai tsaye, bayan yaƙin Uhudu. A Ali Imrana aya ta 156 an hana muminai su zama kamar masu cewa game da 'yan'uwansu da suna wurinmu da ba su mutu ba, da ba a kashe su ba, kuma aka faɗi abin da maganar take haifarwa: ta zama baƙin ciki mai cin zuciya. A aya ta 168 aka sake kawo irinta, aka ce su tunkuɗe wa kansu mutuwa in masu gaskiya ne. Abin lura shi ne a wannan surar dai, aya ta 152 da ta 165, an faɗa wa Musulmi ƙarara cewa sun saɓa umarni, kuma abin da ya same su daga kansu yake. Maharba sun bar dutsen da aka ajiye su, wannan laifi ne, an ambace shi, an kuma ce an yafe. Amma ba a ce wa maharban su ne suka yanke ajalin Hamza da Mus'abu ba. Aya ta 145 ta ce babu ran da zai mutu sai da izinin Allah, abin rubutawa mai ajali. Sura ɗaya ta riƙe duka biyun ba ta saki ɗaya ba.

Mu'utazilawa suna da ƙorafi a nan, kuma na san zai zo maka. Sun ce in wanda aka kashe da ajalinsa ya mutu, don me za a yi wa makashin ƙisasi? Har suka ce ashe wanda ya yanka akuyar wani ba da izini ba ya kyauta masa ke nan, tunda da ma za ta mutu ta zama mushe. Amsar da aka ba su ita ce hukunci yana hawa kan abin da bawa ya aikata na haramun da zaɓinsa, ba a kan ya sauya ajali ba, domin babu mai iya sauya shi. Batun akuyar kuma Abul Huzail yake kamawa, bai kama wanda ya ce ba a yanke hukunci ba. Ka ga amsar nan ita ce dai rabuwar da na fara da ita: ana tuhumar mutum a kan kasbunsa, mutuwa kuwa aikin Allah ce. In wanda ya soka wuƙa ma ba a ce ya rage kwana ba, ina ga wanda ya yi jinkirin kwana biyu yana zaton sauƙi na tafe?

Hadisin muhawarar Adamu da Musa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a nan yake aiki. Musa ya ce wa Adamu kai ne ka fitar da mu daga Aljanna, Adamu ya ce kana zargina a kan abin da Allah ya rubuta mini tun kafin ya halicce ni? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Adamu ya rinjayi Musa da hujja. Masu jabru sun yi murna da hadisin, wasu Mu'utazilawa suka ƙi shi. Ibnu Taimiyya ya ce duka ba su fahimce shi ba. Musa bai zargi Adamu a kan cin itaciyar ba, don ya san ya tuba an karɓa. A kan musibar da ta biyo baya ya zarge shi, wato fitowa duniya. Shi kuma Adamu bai kafa hujja da ƙaddara a kan zunubin ba. Lokacin zunubin cewa ya yi "Ubangijinmu, mun zalunci kanmu", kamar yadda ya zo a A'arafi aya ta 23. Wanda ya jingina saɓonsa ga Allah Iblis ne. Daga nan aka samu ƙa'idar cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan aibi ba. Ibnul Ƙayyim ya ƙara da cewa ko zunubin ma, bayan ya wuce an tuba, mutum yana iya ambaton ƙaddara a kansa, domin a lokacin ba yana neman hanyar ci gaba da saɓo ba ne. Abin da ya sa nake kawo maka wannan hadisin musamman shi ne musibar Adamu ta biyo bayan kuskurensa ne kai tsaye, kamar taka. Duk da haka aka ba shi gaskiya da ya ce musibar rubutacciya ce.

Saboda haka kalmar "kwana ya ƙare" gaskiya ce in rasuwar ake nufi, kuma ka karɓe ta daga bakin masu gaisuwa ba tare da jin kana yaudarar kanka ba. Tana zama ƙarya ne kawai in ka shimfiɗa ta ta rufe Litinin da Talata. A kan waɗannan kwanakin abin faɗi shi ne na yi sakaci, Allah ka gafarta mini.

Abin da zan ce ka yi ba shi da yawa. Ka tuba tuba ɗaya cikakkiya a kan jinkirin, da sunansa, ba a kan kisa ba, domin tuba daga abin da ba ka yi ba wani nau'in ƙarya ne ga kai. Maganar ko akwai diyya ko kaffara ta fiƙihu ce. Malikawa suna da bahasi a kan wanda ya bar ceton rai alhali yana da iko, kuma bahasin yana juyawa ne a kan ko mutum ya san halaka ce ke tafe. Ka zauna da malamin fiƙihu ka ba shi labarin dalla-dalla, kada ka yanke wa kanka hukunci cikin dare kai kaɗai.

Sai iyayenka. Haƙƙin mahaifinka a fili yake, ya ba ka umarni ba ka cika ba. Ka same shi ku biyu, ka ce Baba, ka ce in kai shi Litinin ban kai ba sai Laraba, ka yafe mini. Kada ka ƙara da "amma ƙaddara ce", bar shi ya faɗa in ya ga dama, daga bakinsa take da kyau. Kada kuma ka ce "ni na kashe shi", don za ka ɗora masa nauyin lallashinka a kan nasa makokin. Mahaifiyarka kuwa, wannan kauce mata da kake yi, ita ba ta san Razi ba, abin da take gani shi ne ta rasa ƙarami, babban kuma ya daina shigowa ɗakinta. Ka shiga ka gaishe ta da safe, ka zauna ka ci abin da ta dafa ko ba ka ce komai ba.

In barci ya ci gaba da gagara, ko abinci ya fita ranka makonni, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ya wuce aikin hujja. Ka ga likita, kuma ka gaya wa wani babba a gidanku a ranar. Halifa Umar da ya juya da jama'a daga Sarga saboda annobar da ta ɓarke a Sham, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Neman magani ga kanka yana cikin wannan, haka ma ɗaukar duk wani yaro na gidanku zuwa gwajin jini a ranar da zazzaɓi ya fara.

Karatun Razi kuma kada ka bar shi, amma ka ɗan ajiye babin jabru zuwa wani zangon. In ka koma, ka karanta shi tare da sharhin Taftazani da Shifa'ul Alil na Ibnul Ƙayyim a gefe, a gaban malami, da rana.